Yadda na tantance gwal ɗin gadonmu da sikeli da kofin ruwa

Malamin da zai raba mana gadon Hajiyarmu, Allah Ya jiƙanta, ya ce ba zai taɓa gwal ba sai an kawo masa nauyin kowane abu da karat ɗinsa a rubuce. Gida da fili kowa ya san yadda ake yi musu kuɗi. Gwal kuwa yana cikin wani tsohon gwangwanin alewa, sarƙoƙi sun sarƙe da 'yan kunne, ga awarwaro, ga zobba, ga wasu sanduna biyu da Alhaji ya bar mata tun yana raye. Babu wanda zai iya rantsuwa a kan wanne ne gwal, wanne ne ruwan gwal, domin Hajiya tana sa duka biyun, kuma a wuri ɗaya take ajiye su.

Yayanmu babba ya so a kwashi gwangwanin a kai kasuwa a gama. Ni na ce a bari mu fara dubawa a gida. Ba don ina zargin masu sayar da gwal ba, sai don wanda zai saya shi ne kuma zai faɗa maka karat, kuma idan ka je ba ka san komai ba, duk abin da ya ce shi ke nan. Ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare, gwajin da ake bukata kuwa na ɗan aji huɗu ne.

Kayan aikin ba su da yawa. Na farko ƙaramin sikeli na batir, irin na masu gwal, wanda yake nuna lamba biyu bayan ɗigo, wato 0.01 na giram, kuma yake ɗaukar har giram 500. Wannan sharaɗin ba a sassauta shi. Sikelin kicin da yake tsalle giram ɗaya-ɗaya ba zai yi ba, za ku ga dalili a gaba. Sai kofin roba mara nauyi, da zaren ɗinki siriri, da gilashin ƙara girman abu, da maganaɗisu, da littafi da biro. Kafin mu ɗora komai sai da na gwada shi kansa sikelin: na ɗora kofin babu komai, na danna TARE ya koma sifili, na zuƙo ruwa mililita 10 da sirinji na zuba. Ya nuna 9.98. Mililita ɗaya ta ruwa giram ɗaya ce, da ɗan ragi kaɗan idan ana zafi, don haka sikelin lafiya lau yake. Na kashe fanka na rufe taga, saboda iska kaɗai tana iya sa lambar ƙarshe ta yi ta rawa.

Mun fara da auna nauyi, kowane abu shi kaɗai, ƙanwata tana rubutawa, kowa yana gani. Wannan ma ya kashe wata magana tun kafin ta taso, ta cewa wani ya sauya wani abu.

Nauyi shi kaɗai ba ya faɗa maka komai sai idan kana da abin da za ka kwatanta shi da shi. A awarwaro huɗu da Hajiya ta sayo a Makka mun yi sa'a, rasit ɗin yana nan a naɗe cikin fasfonta, an rubuta giram 94.10. Mu kuma muka samu 93.72. Yaya ya ɗaga gira, na ce masa wannan ragin na sawa ne. Gwal mai karat 21 yana da taushi, awarwaro kuma suna gogar juna a hannu shekara da shekaru, dole su ci kaɗan. Da ragin ya kai giram biyar ko goma, ko kuma nauyin ya ƙaru, to da sai mu ce ba su ne na rasit ɗin ba. A sanda kuwa nauyin a jikinta yake a rubuce. Ƙaramar an buga mata 20 g, ta nuna 20.01. Babbar an buga mata 10 TOLAS. Tola awo ne na Indiya da ya bazu a kasuwannin gwal na ƙasashen Larabawa na bakin Tekun Fasha, kuma tola ɗaya giram 11.664 ce, wato tola goma giram 116.64 ke nan. Ta nuna 116.50. Ragin 0.14 a sandar da ba sawa ake yi ba bai yi mini daɗi ba, domin matatun gwal ba sa fitar da sanda ƙasa da abin da suka rubuta. Amma a tafin hannu tana da nauyi, tana walƙiya, kowa ya ɗauka sai ya gyaɗa kai. Na dai sa mata alama a littafi.

Maganaɗisu ba mu daɗe a kansa ba. Gwal ba ya bin maganaɗisu, don haka duk abin da ya manne ba gwal ba ne, kuma 'yan kunne biyu da wata sarƙar ƙafa a nan suka faɗi. Amma jan ƙarfe da tagulla da azurfa da dalma su ma ba sa binsa, kuma da su ake yin yawancin jabu. Sannan maɗaurin sarƙar gwal ta gaske yakan ɗan motsa, saboda ɗan sifirin ɗin da ke cikinsa ƙarfe ne. Maɗauri kawai ya ja, jikin sarƙa bai ja ba, wannan ba laifi ba ne.

Daga nan sai hatimi. A zobe yana ciki, a awarwaro yana ciki ko a gefen baki, a sarƙa yana kan maɗauri ko kan ɗan falle da ke kusa da shi, a ɗan kunne yana kan tsinken. Lambobin da ake gani kashi ne cikin dubu. Gwal tsantsa karat 24 ne, don haka karat 21 shi ne 21 a raba da 24, wato 875. Karat 22 shi ne 916, karat 18 shi ne 750, karat 14 kuma 585. Abu na farko da nake dubawa shi ne ko lambobin biyu sun yarda da juna. Awarwaron Makka suna ɗauke da 21K da 875, sun dace. Da a ce na ga 21K tare da 750, da ban ma kai shi ruwa ba. Wasu kayan kuma su da kansu suke faɗar gaskiya, mu ne ba ma karantawa. Wata sarƙa mai kauri da Gwaggo ta tabbata gwal ce, a maɗaurinta an rubuta 18K GP. Haruffan GP da GEP da HGE duk suna nufin an yi wa wani ƙarfe ruwan gwal, GF kuma fallen gwal ne aka lulluɓa a kan tagulla. Wanda ya ƙera ta bai yi ƙarya ba. Haka idan abu rawaya ne amma an buga masa 925, azurfa ce aka yi wa ruwa.

Akwai wata siririyar sarƙa da hatiminta ya burge ni a ƙarƙashin gilashi. Bayan 750, akwai ɗan tauraro, da lamba, da haruffa AR, duk a cikin ɗan gida guda. Tsarin Italiya ke nan: lambar ta kamfanin da ya ƙera ce, haruffan kuma na lardin da yake, AR Arezzo, VI Vicenza. Rubutun ya fita tsaf, zurfinsa ɗaya, bakinsa a kaife. Na jabu sau da yawa za ka ga lambar ta kumbura ko ta dushe, saboda ba bugawa aka yi ba, tare da ita aka zuba ƙarfen a mazubi, sannan ruwan gwal ya hau kai ya cike kusurwoyin.

Duk da haka ba na ba hatimi ƙarfin da mutane suke ba shi. A Birtaniya ofishin gwaji ne mai zaman kansa yake buga shi bayan ya gwada kayan, kowane ofishi da tambarinsa, na Landan kan damisa, na Birmingham anga. Indiya kuma tun 2021 take sa lamba mai harafi shida, HUID, da mai saye zai iya bincikawa a waya. Yawancin gwal ɗin da ke hannun matanmu ba haka yake ba, wanda ya ƙera shi ne ya buga lambar da hannunsa, ƙarfen buga 750 kuwa kowa zai iya saya. Rashin hatimi ma ba hujja ba ce, don maƙeranmu na gida sukan narka tsohon gwal su yi sabon zobe ba tare da sun buga komai ba. Hatimi iƙirari ne, sai an gwada a ga ko ya cika.

Abin da ya fi hatimin amfani a wurina shi ne wuraren da abu yake gogar jiki. Wani zoben maza mai faɗi, an buga masa 18K da 750 a ciki, daidai da juna, babu GP babu komai. Amma da na juya bayansa, inda yake haɗuwa da tafin hannu, launin ya ɗan canza, rawayan ya yi haske-haske, kuma a lungun adon akwai ɗan kore-kore. Gwal na gaske duk inda ya goge launinsa ɗaya ne har ciki. Na ajiye shi a layin waɗanda ruwa zai yanke wa hukunci.

Gwajin ruwa shi ne ainihin aikin, kuma dalilinsa ɗaya ne. Gwal yana da nauyi ƙwarai idan aka kwatanta da girmansa. Gwal tsantsa mai girman mililita ɗaya giram 19.3 ne. Dalma, da kowa ya san ta da nauyi, 11.3 ce kawai. Azurfa 10.5, jan ƙarfe kusan 9, tagulla wajen 8.5. Wannan lambar ita muke kira densiti a aji. Saboda wannan tazarar, mai yin jabu yana cikin tsaka mai wuya: idan ya daidaita girma, nauyi zai gaza da rabi, idan kuma ya cika nauyi, abin zai kumbura ya ninka girmansa. Nauyi mun riga mun auna. Saura girma, kuma girman abu mai lanƙwasa da ado ba a auna shi da rula, sai da ruwa.

Ga yadda na yi. Na zuba ruwa a kofi daidai yadda zai shanye abin, na ɗora a sikeli, na danna TARE. Na ɗaura abin da zare, na riƙe ƙarshen zaren, na saukar da shi a hankali har ya nutse gaba ɗaya, amma yana reto a tsakiyar ruwa, bai taɓa gindin kofi ba, bai taɓa gefe ba. Sikelin zai nuna wata 'yar lamba. Wannan lambar ba nauyin gwal ba ce, nauyin ruwan da ya ture ne, tun da kuma giram ɗaya na ruwa mililita ɗaya ne, ita ce girman abin. Idan ya taɓa gindi sai lambar ta yi tsalle zuwa cikakken nauyinsa, sai ka ɗaga. Hannu yana rawa, don haka na gitta fensir a kan littattafai biyu a gefe da gefen sikelin na rataye zaren a kai, ba tare da fensirin ya taɓa kofin ba. Sai lissafi:

densiti = nauyi a busashe ÷ lambar da sikeli ya nuna a ruwa

Na fara da awarwaron Makka guda ɗaya, don shi muka fi amincewa da shi, idan hanyar tana da matsala a nan za mu gani. A busashe giram 23.46, a ruwa 1.38. Aka raba, ya ba da 17.0. Kayan ado ba sa kai 19.3 saboda an gauraya su da jan ƙarfe da azurfa don su yi ƙwari. Karat 21 yakan faɗo tsakanin 16.9 da 17.5, ya danganta da wanne ya fi yawa a gaurayen, karat 22 tsakanin 17.6 da 18, karat 18 tsakanin 15 da 16. Awarwaron ya zauna a gidansa. Sauran ukun ma haka.

Sai zoben. A busashe 9.12. Kafin in saka shi na ce wa ƙanwata ta rubuta abin da ya kamata mu gani: idan karat 18 ne, 9.12 a raba da 15.5, wajen 0.59. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, a faɗi amsar da ake jira tun kafin a duba, don kada ido ya ga abin da rai yake so. Sikeli ya nuna 1.07. Na busar da shi na maimaita, 1.07. Densiti 8.5, tagulla ke nan tsaf. Ba kusa ya yi ya kasa ba, kusan ninki biyu ne, kuma babu rawar hannu ko kuskuren sikeli da zai kawo irin wannan tazara.

Sarƙar Italiya ta ɗan ba mu aiki. Nauyinta 12.40, a ruwa ta nuna 0.86, wato 14.4, ƙasa da karat 18 amma nesa da tagulla. Da na leƙa ta gefen kofin sai ga ƙananan kumfa sun maƙale a tsakanin zobban sarƙar. Kowane kumfa yana ture ruwa kamar shi ma ƙarfe ne, sai girman ya ƙaru, densiti ya sauka. Na fito da ita, na ɗiga ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke na ruwa a kofin, na juya a hankali don kada ya yi kumfa, na sake danna TARE, na mayar da ita ina ɗan girgiza zaren. Ta sauko 0.80. Ya ba da 15.5, daidai da hatiminta. Maiƙon jiki da turare da suka daskare a sarƙa su ne suke riƙe iska, shi ya sa ya fi kyau a wanke kayan da ruwan ɗumi da sabulu a busar kafin a fara awo.

Da aka zo kan babbar sanda ɗakin ya yi tsit, don ita kaɗai, in ta tabbata, ta fi awarwaron huɗu a haɗe. Alhaji ya karɓe ta ne a madadin bashin da yake bin wani abokin kasuwancinsa, kuma bai taɓa kai ta ko'ina ba. Tola goma ta gwal tsantsa ya kamata ta ture ruwa giram 6.04. Na sa zare ninki biyu saboda nauyinta, na ƙara ruwa, na sauke ta. Lambar ta wuce shida ba ta tsaya ba, ta wuce goma, ta tsaya a 13.08. An raba 116.50 da 13.08, ya ba da 8.9. Jan ƙarfe ne aka yi wa ruwan gwal.

Yaya ya ce, "Anya kuwa? Sake dai. Kin ji nauyinta a hannu fa."

Na ce, "Yaya, nauyin ai shi suka cika. Girman ne ya tona su. Ɗauki ƙaramar ka gani."

Ƙaramar sandar giram 20 ce, babbar ta kusa ninka ta shida a nauyi, don haka a girma ma sau shida ya kamata ta ninka ta. Ƙaramar ta ture ruwa 1.04, babbar 13.08, fiye da sau goma sha biyu. Hannun wanda bai saba riƙe gwal ba ba zai gane wannan ba, don bai san yadda tola goma ta gaske take ƙanƙanta ba. Gwaggo ta yi salati ta ce kama da wane ba ta wane. Ni kuma don in rage wa Yaya zafin cewa an cuci mahaifinmu, na ba shi labarin abin da ya fito fili a China a 2020, inda wani kamfanin kayan ado na birnin Wuhan mai suna Kingold ya jinginar da tan 83 na sandunan gwal ya ci bashi, da masu bin bashi suka gwada wasu daga ciki sai suka tarar jan ƙarfe ne da ruwan gwal. Manyan cibiyoyin kuɗi ne aka yi wa, ba ɗan kasuwa ɗaya ba.

To amma ruwa ma yana da inda yake ƙarya, kuma a gwangwanin nan mun ci karo da wurare uku.

Akwai wani awarwaro mai kauri, ƙirar Dubai, an buga masa 916. Girmansa ya fi na Makka, amma nauyinsa 14.80 ne kawai. A ruwa ya nuna 1.95, wato 7.6, ƙasa ma da tagulla. Ƙanwata har ta fara rubuta jabu, na riƙe hannunta. Lambar da ta faɗi ƙasa da ta tagulla a abu mai kauri haka alama ce ta cewa cikinsa kogo ne. Na ƙwanƙwasa shi da farce, sautin ya nuna fanko ne, ga kuma 'yar lotsawa a gefe, irin wadda abu cikakke ba ya yi. Ruwa girman waje yake aunawa, har da iskar da ke kulle a ciki. Duk abin da yake da kogo, ko duwatsu, ko ɗigon fenti, ko aka cika cikinsa da kakin zuma ko ƙaro don kada ya lotse, gwajin ruwa ba ya aiki a kansa, ba ya wanke shi kuma ba ya kama shi.

Wuri na biyu ƙananan kaya ne. Ɗan kunne mai giram 2 na karat 21 ruwan da zai ture 0.12 ne. Idan sikeli ya karkace da 0.01 kawai ya nuna 0.11, amsa za ta zama 18.2, idan ya nuna 0.13 ta zama 15.4. Wato karkacewar 0.01 sama ko ƙasa ta kai ka daga karat 22 zuwa karat 18. Zai iya raba maka gwal da tagulla, don tagulla 0.24 za ta nuna, amma ba zai faɗa maka karat ba. Dalilin da ya sa sikelin kicin ba ya yi ke nan. Ni a ganina abin da bai kai giram biyar ba, kada a dogara da ruwa wajen karat ɗinsa. Ko a manyan kaya ma, bambanta 21 da 22 da wannan hanyar ganganci ne, don iyakokinsu sun kusa haɗuwa.

Na ukun shi ne ƙaramar sanda, wadda ta ci jarrabawa. 20.01 a raba da 1.04 ya ba da 19.2, kowa ya yi hamdala. Sai dai akwai ƙarfe ɗaya mai arha da yake da densiti 19.25, wato tangistin, wanda ake yin zaren cikin tsohon ƙwan lantarki da shi. Sandar tangistin da aka lulluɓe da gwal za ta cika nauyi, ta cika girma, ta tsallake maganaɗisu na gida, ta tsallake ruwa. Ba tatsuniya ba ce: a 2012 wani dillali a unguwar masu kayan ado ta Manhattan a New York ya huda sanduna masu oza goma-goma da ya saya, ya tarar da tangistin a ciki. A kayan ado masu lanƙwasa da ado ba a cika samun wannan ba, domin tangistin yana da tauri sosai, kuma sai zafi ya haura digiri 3,400 yake narkewa, alhali gwal a 1,064 yake narkewa. A sanduna da tsabar gwal, masu siffa miƙaƙƙiya, a nan yake ɓuya. Ita kuma ƙaramar sandarmu an riga an fasa katin da take zuwa a ciki, wanda yake ɗauke da lambar da ya kamata ta dace da ta jikinta, kuma daga hannun da babbar ta fito ita ma ta fito.

Don haka muka ware kashi uku: waɗanda suka tabbata, waɗanda suka faɗi, da waɗanda gida ba zai iya yanke musu hukunci ba. Kashi na ukun, wato awarwaron kogo da 'yan kunne da ƙaramar sanda, shi muka kai wa wani dattijon maƙerin gwal, ni da Yaya. Na haɗa da zoben da babbar sanda don Yaya ya ji daga wani bakin.

Dattijon ya goga awarwaron kogo a kan baƙin dutsensa ya bar layi rawaya, ya goga allurarsa ta karat 22 a gefe, ya ɗiga asid a kan layukan biyu. Dukansu suka tsaya ba su dushe ba. Bai tsaya nan ba, ya nemi izini ya sa magagari a cikin awarwaron inda ba a gani, ya ɗan ci ƙarfen, ya sake ɗiga asid a ramin. Ya ce, "Malama, dutse fata kawai yake gani. In ruwan gwal ya yi kauri, layin farko gwal zai nuna miki. Sai an shiga ciki." Ramin bai canza ba, awarwaron gwal ne. Ya girgiza shi a kunne, ya duba ɗan hujin da ke kusa da mahaɗinsa, ya ce babu ciko a ciki, don haka nauyin duka na gwal ne. Da ya yi wa zoben haka, asid ɗin ya tafasa ya koma kore nan take. Babbar sanda kuwa magagari na shiga jan ƙarfe ya bayyana, ko asid bai ɓata ba.

Na tambaye shi batun na'urar da manyan shaguna suke da ita, wadda ake sa abu a ciki ta nuna kason gwal a allo. Ita ce XRF, kuma tana da kyau wajen faɗar karat ba tare da an kankare kaya ba, amma haskenta bai wuce saman ƙarfen ba, abin da bai kai kaurin gashi ba. Sandar da aka lulluɓe da gwal mai kauri za ta nuna 999 a allon, ko da me ke cikinta. Shi ya sa na'urar da kofin ruwa suke cike giɓin juna, ɗaya tana ganin sama, ɗaya tana auna duka jiki. A cikin ƙarafa masu arha, tangistin ne kaɗai yake iya wuce su biyun. Shi kuma ana kama shi da na'urar da take tura sauti ta cikin ƙarfe, don sauti yana tafiyar mita 3,240 a daƙiƙa cikin gwal, cikin tangistin kuwa sama da 5,000. Dattijon ba shi da ita. Abin da yake da shi almakashin ƙarfe ne.

Yaya ya yi jim, don sandar da aka yanka ta tashi daga sanda ta koma gwal ɗin narkawa, kuɗinta yakan ɗan ragu. Amma katinta dama babu, kuma ba za mu sa a rabon wani abin da muke shakka ba. Ya ce, "Baba, yanka." Almakashin ya shige ta cikin sauƙi, abin da ba zai yiwu ba da tangistin ne a ciki, kuma bakin yankan rawaya ne daga sama har ƙasa. Aka mayar da gutsattsarin biyu kan sikeli, 20.01.

A takardar da muka kai wa malam kowane abu yana da layi uku: nauyinsa, karat ɗinsa, da tsantsar gwal da ke cikinsa, wato nauyi a ninka da lambar hatimi a raba da dubu. Awarwaron Makka huɗu, 93.72 sau 0.875, giram 82.0. Awarwaron kogo, 14.80 sau 0.916, giram 13.56. Sarƙar Italiya, 12.40 sau 0.750, giram 9.30. Ƙaramar sanda giram 20. 'Yan kunne aka auna su bayan an cire kuɗin duwatsunsu kamar yadda maƙerin ya ƙiyasta. Zoben da sarƙar 18K GP da sauran kayan ruwan gwal aka rubuta su a wani shafi daban da kuɗinsu na kayan kwalliya, babbar sanda kuma Yaya ya sa maƙerin ya tsaga ta biyu a gabanmu, don kada wata rana ta sake shiga hannun wani a matsayin tola goma.